Fari Uku a Hoton Ƙirji

Ni ba likita ba ce, ban kuma taɓa cewa ni ce ba. Sunana Yagana, ma'aikaciyar lafiya ce a sashen masu tari na wani asibiti a Nguru. Aikina in rubuta kati, in miƙa wa mutum robar da zai tofa kaki, in raka shi ɗakin hoto, in ya fito in zaunar da shi in warware masa abin da likita ya faɗa cikin Turancin da ni kaina sai na kasa kunne nake kamawa. Saboda wannan na ƙarshen ne na rubuta wata 'yar takarda, shafi ɗaya da rabi, ta bayanin hoton ƙirji ga wanda bai yi boko ba. Ba karanta wa mutane nake yi ba, haddace ta na yi, in faɗa da baki kamar hira. Celestine, mai ɗaukar hoton, ya raɗa mata suna huɗubar Yagana. Shekararsa ashirin da biyu a Nguru, Hausa ta zauna a bakinsa daram, amma har gobe mace da namiji duk "ka" ne a wurinsa, na gaji da gyara na ƙyale shi.

Ina ji da takardar nan, ba zan ɓoye ba. Ina ganin babu kan da ba za ta shiga ba.

Wata Litinin da hantsi wani dogon tsoho ya shigo, rigarsa ta yi masa yawa, yana tafe yana tsayawa ya huta. Bobboi sunansa, makiyayi ne daga wata ruga a arewacin Gashua. Bayansa 'yarsa ce Asta, goye da jaririya 'yar wata huɗu. Yana jin sunana ya washe baki.

"Yagana? Ashe asibitin bayina na zo. Babarbariya, share wa ubangidanki wuri."

Na ce ya yi maza ya zauna kafin iskar fanka ta kwashe shi, tunda Fulani ba su san abinci ba sai nono. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe bai sake shi ba. Asta ta kawar da kai. Ni kuwa na miƙa masa takunkumi na ce ya rufe hanci da baki, ya karɓa ya rataya shi a haɓa kamar gemu.

Ya ce shi fa ba jinya ta kawo shi ba. Ya warke. Asta ce ta dame shi da mita don ta ga ɗigon jini a rawaninsa, shi ne ya biyo ta a ɗauki hoto na uku, ta gani da idonta ta bar shi ya huta. Ya kwance wani ƙunshin zane, ya fito da manyan ambulan biyu.

Ina ganin ta farko na gane ta. Rubutuna ne a bayanta. Wata takwas da suka wuce a Gashua nake aiki, kafin a dawo da ni gida, kuma ga hannuna nan ɓaro-ɓaro na rubuta da Turanci cewa ya ga likita, a yi masa gwajin kaki. Ban tuna fuskarsa ba sam. Shi kuwa ya tuna ni.

"Ke kika ba ni ruwa a jan kofi," ya ce. "Kika ce in kai wa likita. Na zauna a layi har azahar, shanu ba su sha ruwa ba, na ce bari in je in dawo."

Bai dawo ba. Ya koma ruga wani mai saiwoyi ya haɗa masa jiƙo. Bayan wata huɗu ya shiga Gashua ranar kasuwa, ya biya aka sake ɗaukarsa a wani wurin hoto na kuɗi, suka ba shi hoton da takarda bugun na'ura, ya ninke ta bai nuna wa kowa ba, don a rugar babu mai karatun boko. Amma ido ai kowa yana da shi.

Ya tashi ya je bakin ƙofa, ya ɗaga hotunan biyu sama suna fuskantar rana, ɗaya a kowane hannu.

"Zo ki gani, 'yata. Na farko, dubi yadda ƙirjin ya yi baƙi ƙirin, dattin ciwo ne, fari ɗan kaɗan ne a nan sama. Dubi na biyu. Fari ya ci rabi. Jiƙon nan wanke ni yake yi. Duk ruga an gani, har limaminmu. Rago na yanka na yi sadaka."

Na tambaye shi ramar fa, da zufar da ke jiƙa masa shimfiɗa. Ya ce mai magani ya gaya masa haka ciwo yake yi in zai fita, sai ya girgiza jiki.

Sai ya dawo ya zauna ya ce Asta ta kwanto masa amaryarsa. Jaririyar Hajjo sunanta, sunan matarsa da ta rasu aka mayar, shi kuwa ba ya kiranta sai Amarya. Ya ce da aka haife ta sai da ya yi sati uku bai yarda an shigar da ita ɗakinsa ba, don makiyayi ya san ba a barin mai tari cikin garke. Da ya sake duba hoto na biyu ya tabbata fari ya rinjaya, sai ya saki jiki. Tun daga nan kullum da safe a cinyarsa take, ya karanta addu'a ya tofa mata. Yana faɗa yana yi. Ya ɗora ta a hannu, ya motsa leɓe, ya sunkuya ya hura mata a fuska sau uku, tana lumshe ido tana dariya.

Ban san lokacin da na miƙe na karɓe ta ba. Na ce doka ce, ba a riƙe jariri a wannan ɗakin, na tura Asta ta zauna da ita can ƙarƙashin bishiyar maina. Na ga mutum biyu a gabana, shi da jaririyar, da ciwon nan zai iya ɗauka, kuma babu yadda zan kare ko ɗaya sai tsohon nan ya yarda cewa abin da ya yanka wa rago ba waraka ba ce.

Na fara da rabin farko na takardata, na kafin shiga ɗakin hoto.

"Baba, na'urar da za ka gani ba magani ba ce, gani kawai take yi. Ba allura, ba yanka, ba za ka ji komai ba. Wani haske ne da ido ba ya ganinsa, zai ratsa ƙirjinka ya zana abin da ke ciki. Za ka cire riga, da layu, da duk abin ƙarfe, don kada su fito a hoton su rufe mana abin da muke nema. Za ka tsaya ka manna ƙirji da allo, ka ɗaga haɓa, ka riƙe ƙugu. In an ce ja numfashi, ka ja sosai ka riƙe, har sai an ce saki. Mai ɗaukar zai koma bayan bango. Ba gudunka yake yi ba. Kai sau ɗaya hasken zai taɓa ka, shi kuwa wuni yake yi a ciki kullum."

Ya ce duk ya sani, wannan ne karo na uku, amma ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin da mutumin yake ɓuya, ya ɗauka warin jikinsa ne. Da ƙyar ya yarda ya cire gurun da ke ƙugunsa. Riƙe numfashin ne ya gagare shi, sai da suka gwada sau uku ba tare da an kunna na'urar ba, sannan Celestine ya ɗauka a na huɗu.

Da hoton ya fito Celestine ya kira ni gefe. Ba ya wasa in ya ga irin wannan.

"Yagana, ka zo ka gani. Dama duk ya tafi. Hagu ma ya fara."

Huhun dama ya yi fari daga sama har ƙasa, da wasu ramuka a sama. Na hagu ya kama daga saman. Dakta Mahfuz ya duba ya ce a karɓi kaki yanzu-yanzu, don hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma a ba shi gado. Ya ce in yi masa bayani tukuna, kada ya gudu.

Na zaunar da Bobboi gaban akwatin haske. Na sa hoton wani lafiyayyen ƙirji da muke ajiye don koyarwa, na sa nasa na yau a gefe. Na shiga rabi na biyu.

"Baba, a wannan hoton baƙi ba datti ba ne, iska ce. Inda iska take, hasken yana wucewa, wurin ya fito baƙi. Inda akwai abu mai nauyi, hasken ya tsaya, wurin ya fito fari. Huhu mai lafiya cike yake da iska, don haka baƙi yake fitowa. Fari uku ne na lafiya: ƙashi, ga haƙarƙarinka nan, da zuciya, ga ta a tsakiya ta ɗan karkata, da ciki, ga shi can ƙasa. Duk farin da ba waɗannan ukun ba, ciwo muke zargi."

Yana ta gyaɗa kai yana cewa to, to. Na san wannan "to" ɗin. Na kunya ne, na mutumin da ba zai ƙaryata ka a gabanka ba. Takardata ta ce kada in tambaya ko an gane, in sa mutum ya maimaita da bakinsa. Na ce ya faɗa mini abin da ya gani a nasa.

"Na ga fari ya kusa gamawa," ya ce, yana murmushi. "Ke dai Babarbariya ba kya son ubangidanki ya warke."

Raina ya ɓaci, ba da shi ba, da ni kaina da shafi ɗaya da rabina. Na kife takardar a kan tebur. Na ce mu bar wasa, ya faɗa mini, in an yanka saniya mai lafiya yaya huhunta yake.

Nan ya gyara zama, an zo fagensa. Ya ce laushi, ba nauyi, ka hura shi ya kumbura, ka jefa a ruwa ya taso.

"In kuma ciwon huhu ya kama ta fa?"

"Sai ya yi tauri kamar hanta. Ya manne da haƙarƙari, sai da wuƙa ake ɓamɓare shi. Ga ruwa rawaya a ƙirjin. Iska ba ta shiga."

"To, Baba, a cikin biyun nan, wanne ne hasken zai ratsa ya wuce, wanne ne zai tare shi kamar yadda ƙashi ya tare shi?"

Ya dubi haƙarƙarin da suka fito fari, ya dubi lafiyayyen hoton, ya dawo kan nasa. Murmushin ya tafi a hankali. Ya ɗaga yatsa ya ɗora a kan huhun dama, ya bi shi daga sama har ƙasa.

"Wannan ya zama hanta," ya ce.

Na ce eh.

Ya ce a jera masa ukun bi da bi. Na jera. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja takunkumin daga haɓa ya rufe bakinsa da kansa. Ta cikinsa ya tambaye ni.

"Ta ina yake bi ya kama wani?"

"Ta iskar da ke fitowa daga ƙirji. Tari, atishawa, magana kusa da fuska."

"Tofi fa?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Na ce har da tofi.

Bai yi kuka ba, irinsu ba sa yi a gaban mace. Ya dai juya ya dubi taga, inda ake hango Asta ƙarƙashin bishiya tana jijjiga yarinyar. Na yi ta zuba masa sauran bayanin, cewa in tarin fuka ne yana da magani, kyauta ne, wata shida ake sha ba fashi, cewa za mu duba Asta da jaririyar, in ba ta kamu ba akwai maganin kariya. Ban san nawa ya shiga kunnensa ba. Abu ɗaya ya ce, a fara da Amarya.

Gwajin kaki ya fito da la'asar, tarin fuka ne, irin wanda magani ke ji. Aka kwantar da shi a ɗakin da muke keɓe masu tari, aka sa masa iskar oksijin, washegari ya fara shan ƙwayoyin. Dakta Mahfuz ya gaya mini a bakin ƙofa cewa an makara ƙwarai, amma za mu yi iya yinmu. Na tuna rubutuna a bayan ambulan. Jimla ɗaya da baki, a ranar nan a Gashua, da ta isa. Na san layi yana da tsawo ranar, na san ni kaɗai ce a teburin, amma duk wannan bai rage mini komai ba.

Ranar Laraba aka gama da Asta, hotonta fes. Jaririyar ma likita ya duba ta da kyau. Nauyinta daidai, ba zazzaɓi, ba tari, tana shan nono kamar an aiko ta. Aka ɗauki hotonta, Asta ta riƙe mata hannuwa sanye da rigar kariya mai nauyi, ita kuwa tana ta tsala ihu. Dakta Mahfuz ya duba hoton, ya kira likitan yara ya ƙara dubawa, suka ce babu alamar ciwo. Aka rubuta mata maganin kariya da za ta riƙa sha kullum na wasu watanni, da ranar dawowa awo.

Murna ta sa na yi wauta. Na ɗauki ambulan na nufi ɗakin Bobboi da sauri, ban ko zaro hoton na duba da idona ba. Ni hotunan manya na saba gani, na ji likita ya ce lafiya, shi ke nan.

Na same shi a jingine, ya ƙara zubewa cikin kwana biyun nan. Tun ranar Litinin bai yarda an kawo yarinyar ko bakin ƙofa ba. Na ce albishirinka, Amarya lafiyarta ƙalau.

"Ba ni in gani," ya ce.

Na zaro na ɗaga masa a jikin taga. Ɗan ƙirji ne ƙarami, bai fi tafin hannuna ba. Ya matso da fuska, ya fara ƙirga da yatsa.

"Ƙashi. Zuciya. Ciki." Yatsan ya tsaya. "Wannan fa?"

Sai a lokacin na gani. A saman zuciyar, ta wajen dama, wani fari ne mai faɗi ya fito kamar kunnen akuya, ya rufe wani sashe na huhun. Na ce ya jira, na fita da gudu na sami Dakta Mahfuz yana shirin shiga ɗakin tiyata. Ya kalla sau ɗaya ya faɗi sunan abin da Turanci. Ya ce wani nama ne da kowane jariri yake da shi a bayan ƙashin ƙirji, yana taimakon jiki yaƙi da cuta, babba ne a jarirai, yana ƙanƙancewa in yaro ya girma, shi ya sa ba a ganinsa a hoton manya. Ya ce lafiya ce, ya shige.

Na dawo na faɗa wa Bobboi haka, kalma da kalma. Ya saurare ni har na gama.

"Shekaranjiya kin ce fari uku ne."

"Na manya na faɗa maka, Baba. Jarirai suna da na huɗu."

"Yau ne ya zama huɗu."

"Wallahi likita biyu suka duba."

"In lafiyarta ƙalau, maganin me aka ba uwarta ta riƙa ɗura mata?"

Na ce na kariya ne. Na ce ba na ciwo ba ne. Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita ba ƙarfi, don ni ma minti biyar da suka wuce na fara jin labarin naman nan, ya kuma ga fitata da gudu, ya ga fuskata. Ya mayar da kai kan matashi.

"'Yata, kina da kirki. Ranar nan kin faɗa mini gaskiya mai ɗaci, na gode. Yau kuma kin ga na kusa, kina so in tafi da sanyin zuciya. A nan sama nawa ma ya fara, ɗan kaɗan, a dama. Na gani da idona."

Na rantse, na sake rantsewa. Ya ce in bar rantsuwa, ba kyau. Na ce gobe da safe zan kawo masa hoton wani jaririn mai lafiya ya gwada da nata, don Celestine ya riga ya rufe ɗakin hoto ya tafi. Ya rufe ido. Da zan fita na ji yana magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, sunan Hajjo kawai na kama, ban san wacce yake nufi ba, matar ko jikar.

A cikin keke napep ina hanyar gida nake ta juya abin. Hoton wani jariri ba zai ishe shi ba, zai ce shi ma wancan ba shi da lafiya. Da saniya na shawo kansa, da dabba zan sake shawo shi. Na sa mai keken ya sauke ni a kasuwa, na je rumfar Ahmed, mahaucin da nake sayen nama a wurinsa. Na tambaye shi ko ƙananan dabbobi suna da wani nama a ƙirji da manya ba su da shi.

Ya ce sosai ma. Fari-fari ne, mai laushi kamar kitse amma ba kitse ba, daga maƙogwaro yake sauka har kan zuciya. A ɗan akuya da ɗan maraƙi ake samunsa da girma, in dabba ta tsufa sai a neme shi a rasa. Ya ce duk wanda ya taɓa fiɗa ya san shi. Na ce ya ba ni. Ya ce na yau ya ƙare, in same shi a mayanka gobe da sassafe, akwai 'yan awaki da za a yanka.

Ranar Alhamis maimakon in wuce asibiti ƙarfe bakwai kamar kullum, na tafi mayanka. Sai da aka gama da shanu aka zo kan awaki. Na tsaya cikin ƙuda da ƙarni, ina duba agogo, har Ahmed ya buɗe ƙirjin wani ɗan akuya ya nuna mini abin kwance a kan zuciya, daidai inda yake a hoton. Na ce kada ya raba su, ya ciro mini gaba ɗaya da huhun da zuciyar. Ya ƙulle a baƙar leda. Na biya ta wurin Celestine, ya ba ni hotunan jarirai biyu masu lafiya da aka rufe sunayensu. Ƙarfe tara saura na isa sashenmu, har ina shirya tsokanar da zan yi wa tsohon, in ce yau Babarbariya za ta koya wa Bafillace fiɗa.

An yaye zanin gadon. Ana wanke ƙasa da ruwan magani.

Ma'aikaciyar jinyar da ke ɗakin ta ce da misalin bakwai da rabi tari ya taso masa, jini ya ɓalle, irin wanda ramukan huhu ke yi, ba a iya tsayar da shi ba. Ta ce da gari ya waye ya tambaya ko Babarbariyar ta zo.

Na sami Asta a ƙarƙashin bishiyar, zaune a kan tabarma, yarinyar tana barci a cinyarta. Ba ta kuka, idanun dai sun kumbura. Ta aika a gaya wa mijinta da 'yan ruga, tana jiran motar da za ta kai gawar gida. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta amsa, sannan ta ce tun jiya da yamma babanta ya sa aka kira ta bakin taga. Ya ce ta yafe masa, shi ya kashe mata 'ya da bakinsa. Ta ce masa likita ya ce lafiya, ya ce haka ake gaya wa mai mutuwa. Yau da safe ma abin da ya maimaita ke nan, ta yafe masa.

"Adda," ta ce, ba ta dube ni ba, "yanzu ba ya nan. Ki faɗa mini gaskiya. Yarinyar nan za ta tashi?"

Na zauna a kan tabarmar. Na ce gaskiya na faɗa masa, ita ma gaskiya zan faɗa mata. Na ɗaga hoton Hajjo sama, na ɗaga na sauran jariran biyu, na nuna mata farin a kowanne, wuri ɗaya. Na ce ta riƙa ba ta maganin kariyar kullum ba fashi, ta kawo ta awo, in ta ga zazzaɓi ko tari ko ƙin nono ta zo ba jira. Sannan na kwance ledar. Na nuna mata huhun ɗan akuyan, jajir, mai laushi, da farin naman kwance a kan zuciya.

Ta sunkuya ta kalla. Ta sa yatsa ta taɓa shi.

"Na san wannan," ta ce. "Mu Baba yake gasa wa muna yara, yana cewa rabon ƙanana ne."

Sai a nan hawayen suka zubo mata, suna ɗiga a kan zanin goyon.

"Da ya gani da ya yarda, Adda. Duk ɗan akuyan da aka yanka a rugarmu shi yake feɗewa."